A Auna Kasafin Gida da Watan da Ciniki Ya Fi Ja Baya

Duk wanda ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi zai rantse mai shagon ya yi sallama da talauci. Keke ba ya tsayawa har asuba, yaduka sun kai rufi. Wata biyu bayan Babbar Sallah kuwa, sai a tarar da shi yana karɓar gyaran zif da facin aljihu. Manomi da ɗan kwangila ma haka kuɗinsu ke zuwa, a dunƙule, sannan shiru.

Dabarar da ke riƙe irin wannan gida ita ce a gina kasafi a kan watan da samu ya fi ƙaranci.

A ɗauki misalin wani tela a Kano. Zai buɗe littafinsa ya fitar da ribar kowane wata na shekarar da ta wuce, bayan ya cire kuɗin zare, man janareta da ladan yaran shago. Watan azumi ya ba shi naira 420,000, amma watanni ukun da suka fi rauni sun tsaya a 110,000, 120,000 da 130,000. Tsakaicinsu, 120,000, shi ne ma'auninsa. Da ya yi lissafi da tsakaicin shekara gaba ɗaya, da kuɗin Sallah sun kumbura adadin, ya ɗora wa kansa hidimar da yawancin watanni ba za su iya ɗauka ba.

Cikin wannan 120,000 dole komai ya shiga: cefane 70,000, wuta da ruwa da magani 20,000. Hayar gida ta 240,000 a shekara ta zama 20,000 duk wata, kuɗin makaranta 40,000 a kowane zango ya zama 10,000. Waɗannan biyun a ware su gefe tun kafin ranar biya ta zo.

Duk abin da ya shigo, asusu guda yake faɗawa, wanda ba na cefane ba. Ran ɗaya ga wata telan ya biya kansa albashinsa daga nan, ko da ciniki ya yi ambaliya. Rarar azumi, 300,000, tana zaune tana cike giɓin watan da ya gaza. Sai asusun ya tara albashin wata uku, wato 360,000, kafin a yi zancen ragon layya ko sabon keke.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kafin alƙalami. Kuɗin ɗinkin da ba a gama ba amana ne, bai zama riba ba tukuna, amma da yawa sukan cinye shi.

Idan kuma albashin yana ƙarewa kafin 20 ga wata sau biyu a jere, to farashin kaya ya wuce ma'aunin. A nan sai a sake zama da littafi: ko a rage wata hidima, ko a ƙara albashin daidai abin da rarar shekara za ta iya ɗauka har azumi ya zagayo.