Sauya launin hawainiya

Sauya launin hawainiya, ko rikiɗar hawainiya, shi ne yadda fatar hawainiya (wasu kan ce wahainiya) ke komawa daga wani launi zuwa wani cikin ɗan lokaci. An daɗe ana ɗauka cewa tana kwaikwayon launin duk abin da ta hau ne domin ta ɓuya, kuma daga nan ne Hausawa ke kwatanta mutum marar tsayawa a kan magana ɗaya da hawainiya. Bincike ya nuna cewa abubuwa biyu ne suka fi sa ta rikiɗa: halin da take ciki, kamar fushi, tsoro ko neman barbara, da kuma zafi ko sanyin jikinta.

Nau'o'in da ke yankin

Hawainiya tana cikin dangin ƙadangare. A savanar Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa da ƙasar Yawuri da gaɓar Tafkin Kainji a kudancin Jihar Kebbi, nau'o'in da aka fi sani sun haɗa da Chamaeleo senegalensis da Chamaeleo africanus. Launukansu ba su da yawa. Suna kai-komo ne tsakanin kore, rawaya, ruwan toka, ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigo a jiki. Kowane nau'i yana da iyakarsa, shi ya sa hawainiyar da aka ɗora a kan shuɗin zane ba ta komawa shuɗiya.

Yadda fatar take aiki

Fatar hawainiya hawa-hawa ce. A sama akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da launin rawaya da ja. A ƙarƙashinsu akwai wasu da ba su da launi na kansu, sai ƙananan kiristal na sinadarin guwanin da ke jere cikin tsari. Daga can ƙasa kuma akwai masu ɗauke da melanin, sinadarin da ke sa fatar mutum duhu.

Masu melanin suna da rassa da suka miƙo sama. Idan melanin ya taru a tsakiyar ƙwayar, fata tana haske. Idan ya bazu cikin rassan, sai ya lulluɓe sauran launukan, fatar ta yi duhu. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa wannan.

A shekarar 2015, Jérémie Teyssier da Michel Milinkovitch da abokan aikinsu a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun bayyana aikin kiristal ɗin, bayan sun nazarci Furcifer pardalis, wata hawainiyar Madagaska. Idan namiji yana cikin natsuwa, kiristal ɗin suna kusa da juna, suna mayar da shuɗin haske. Shuɗin yana ratsa rawayar da ke samansa, sai ido ya ga kore. Da ya hango wani namiji, tazarar da ke tsakanin kiristal ɗin tana ƙaruwa, sai hasken da suke mayarwa ya koma rawaya ko ja. Wannan yana faruwa cikin 'yan mintuna, ba tare da jiki ya samar da wani sabon launi ba. Sun kuma gano hawa na biyu mai manyan kiristal, wanda ke mayar da wani ɓangare na hasken rana mai ɗauke da zafi.

Zafi da sanyi

Jikin hawainiya ba ya samar da ɗumin da zai ishe ta, don haka da rana ta dogara. Baƙin abu ya fi fari saurin ɗaukar zafi, kuma da wannan take amfani. A 1993, Michael Walton da Albert Bennett sun gwada hawainiyoyin Kenya, suka tarar suna yin duhu a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, suna yin haske a digiri 35.

Ana iya bin wannan a yini guda a kewayen Yelwa. Da asubar hunturu a watan Janairu, sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20. Hawainiyar da ta kwana a reshe ba ta da kuzarin farauta, don haka takan fito inda rana ke bugawa, ta baje jikinta, ta juya gefe ɗaya ga rana. Gefen yakan yi duhu sosai, sau da yawa fiye da wanda ke inuwa. Da hantsi, idan jiki ya ɗumama, sai ta koma kore ko ruwan ƙasa ta shiga neman fara da sauran ƙwari. A watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin rana kan kai kusan digiri 40, takan koɗe ta shige cikin ganye, wani lokaci ta buɗe baki don ta huce. Da dare, tana barci, melanin yana taruwa sai ta yi fari-fari, har mai tocila ya fi saurin ganin ta fiye da mai neman ta da rana. Duk waɗannan sauye-sauye suna iya faruwa a kan bishiya ɗaya wadda launinta bai canja ba.

Fushi, tsoro da barbara

Launi shi ne hanyar da hawainiyoyi ke isar wa juna saƙo. Idan maza biyu suka haɗu, kowanne yana kumbura maƙogwaro, ya fito da launinsa mafi haske. A 2013, Russell Ligon da Kevin McGraw na Jami'ar Jihar Arizona sun auna irin wannan karo a Chamaeleo calyptratus, wadda asalinta Yaman ne da Saudiyya. Sun ga cewa namijin da kansa ya fi haske, ya kuma fi saurin sauyawa, shi ya fi yin nasara. Wanda aka rinjaya yakan yi duhu ya janye, kuma sau da yawa rigimar tana ƙarewa ba tare da cizo ba. A nau'o'i da dama, macen da ta ɗauki ƙwai tana yin duhu da ɗigo masu haske idan namiji ya matso, alamar ba ta karɓarsa.

Haka nan hawainiyar da yara suka kama ko suka tsokana da sanda takan yi baƙi, ta buɗe baki tana huci. Wannan alamar firgita ce. Hawainiya ba ta da dafi, kuma wahalar riƙo tana iya galabaitar da ita.

Matsayin sajewa

Hawainiya tana da wuyar gani, amma abin da ke ɓoye ta shi ne launinta na yau da kullum, da faɗin jikinta mai kama da ganye, da tafiyarta a hankali tana rangaji. A 2008, Devi Stuart-Fox da Adnan Moussalli sun kwatanta rukunoni 21 na ƙananan hawainiyoyin Afirka ta Kudu, 'yan jinsin Bradypodion. Da sajewa ce tushen rikiɗa, da waɗanda ke zaune a wurare masu launuka iri-iri sun fi kowa iya sauyawa. Ba haka aka samu ba: waɗanda suka fi iyawa su ne waɗanda mazansu ke nuna launuka mafi ɗaukar ido wajen karo da neman mace.

Duk da haka sajewa tana da nata gurbi. A wannan shekarar, Stuart-Fox da abokan aikinta sun nuna cewa Bradypodion taeniabronchum tana ƙara daidaita launinta da reshen da take kai idan ta ga tsuntsu, fiye da idan ta ga maciji, kuma tsuntsaye sun fi macizai iya bambance launi.

Bambance dalilin sauyi

Ana gane dalilin rikiɗa ne daga lokaci da tsayuwar jiki. Duhu da safe, jiki a baje ga rana, neman ɗumi ne. Duhu tare da huci da buɗe baki tsoro ne. Launi mai haske da kumburin maƙogwaro yana nuna akwai wata hawainiya a kusa. Koɗewa da tsakar rana alamar zafi ce, da dare kuma barci.