Yadda Ake Zana Faten Ɗin Saman Riga Daga Awon Jiki

Yawancin telolinmu kan yadi suke zana riga da alli, su sa almakashi nan take. Wannan aikin wanda hannunsa ya faɗa ne. Mai koyo a gida gara ta fara da takarda, ta fitar da faten na asali, wato siffar jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, ba ado ba hannu. Daga shi ake fitar da bulawus da saman doguwar riga. Kayan aikin su ne tef, rula, fensir da babbar takarda mai ruwan ƙasa.

Kafin awo, a sa rigar maman da za a riƙa sawa da kayan, a ɗaura siririn zare a inda ƙugu ya fi tsukewa, don tsawon gaba da na baya su tsaya a layi ɗaya. Bari mu ɗauki mace mai ƙirji inci 36, ƙugu 30, kafaɗa 15. Daga gindin wuya ta saman kafaɗa zuwa zaren, bayanta 16 ne, gabanta kuma 17 da rabi, saboda tef ya hau tudun ƙirji. Daga wannan wuri zuwa tsinin ƙirji inci 10, tsakanin tsini biyun kuma 7.

Ana farawa da baya, kuma rabinsa kawai ake zanawa. A raba ƙirji gida huɗu, ya ba da 9, a ƙara rabin inci na sakewa. Sai a zana akwati mai faɗin 9 da rabi, tsawon 16, gefen hagu ya zama tsakiyar baya. A layin sama a auna inci 3 na faɗin wuya, a sauko inci 1 a tsakiya, a haɗa su da lanƙwasa. Rabin kafaɗa 7 da rabi ne; a nan a sauko inci 1, a ja layi zuwa gefen wuya, domin kafaɗar mutum gangare gare ta. Zurfin hammata kuwa teloli da yawa suna raba ƙirji gida shida su ƙara inci ɗaya da rabi, wanda a nan ya ba da 7 da rabi daga ƙarshen kafaɗa. A ja layi a kwance a wurin, a zana lanƙwasar hammata har ta sauka a gefen akwatin.

A ƙasa, kwatar ƙugu 7 da rabi ce. A ƙara kwatar inci na sakewa da inci 1 na dat, wato matsin nan mai tsini da ake ɗinkewa, jimla 8 da kwata uku. A haɗa wannan da ƙasan hammata. Dat ɗin yana zama inci 3 da rabi daga tsakiya, ya ƙare inci ɗaya kafin layin hammata.

Gaba ma haka ake yi, sai dai tsawon akwatin 17 da rabi, zurfin wuya inci 3, hammatar kuma a ƙara rarake ta ciki da kamar rabin inci. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Gefen baya daga hammata zuwa ƙugu 7 da rabi ne, na gaba kuwa 9. Wasu sai su datse rarar daga ƙasa, rigar ta riƙa ɗagewa ta gaba tana bayyana ciki. Wannan inci ɗaya da rabin na ƙirji ne, dat ɗin gefe ke cinye shi. A sa ɗigo inci 10 daga sama, 3 da rabi daga tsakiya. Daga gefe, kamar inci 2 ƙasa da hammata, a ja layi zuwa ɗigon, a buɗe kwata uku sama da ƙasan layin. Tsinin dat ya tsaya inci ɗaya kafin ɗigon, haka ma na ƙugu, in ba haka ba ƙirjin rigar zai yi tsini. A naɗe dat ɗin a takarda, a kara gefen gaba da na baya. Idan tsawonsu ya zo ɗaya, lissafi ya yi.

Faten ɗin ba shi da rarar ɗinki, saboda haka a bar rabin inci a wuya, kafaɗa da hammata, inci ɗaya a gefe da wurin zif. Kada a taɓa atamfa tukuna, a gwada da akoko ko tsohon zanin gado. Idan layuka suka miƙe a kwance a ƙirji, rigar ta matse, a ƙara faɗi a gefe. Idan hammatar gaba ta buɗe baki, dat ya yi kaɗan. Idan yadi ya taru ƙasan hammata, kafaɗar mai rigar ta fi ta faten gangara, sai a ƙara saukar da ita, a saukar da hammatar daidai da haka. Duk gyaran da aka yi a mayar da shi kan takarda, sannan a kwafe faten ɗin a kwali, a rubuta awon da kwanan wata, domin jiki yana canzawa.