Yadda Gudun Famfo Ke Sauya Ruwan da Yake Bayarwa

Famfo mai farfela, irin na injin ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse da yawa, yana aiki ne da juyi: farfelar ta ja ruwa ta tsakiyarta, ta watsa shi gefe da ƙarfi. Idan aka sauya saurin juyin nan, abubuwa uku ke sauyawa, kowanne da nasa ma'auni. Yawan ruwa yana bin gudun daidai wa daida. Tsayin da famfon zai iya tura ruwa yana bin gudun sau kansa. Wutar da yake ci kuwa tana bin gudun sau kansa har sau uku.

A ɗauki famfon da ke juyawa sau 2,900 a minti, yana ba da lita 30,000 a awa, yana tura ruwa mita 40, yana cin kilowat 5. Idan aka rage gudunsa zuwa 2,320, ya koma 0.8 na yadda yake. Ruwan zai zama lita 24,000. Tsayin zai zama 40 × 0.8 × 0.8, wato mita 25.6. Wutar kuma 5 × 0.8 × 0.8 × 0.8, wato kilowat 2.56. Kashi ɗaya cikin biyar na ruwa aka rasa, amma wuta ta ragu kusan da rabi. Haka lissafin yake idan an ƙara gudu: ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana jawo ƙarin wuta kashi 33, kuma wannan ya isa ya ƙona injin da ke juya famfon.

Sai dai lissafin nan famfo kaɗai ya shafa, tanki yana nan inda yake. A ce iyakar tsayin da famfon ke kaiwa mita 45 ne, tankin kuma yana mita 30 sama da ruwan rijiya. A sabon gudun iyakar ta koma mita 28.8, don haka ko ɗigo ba zai shiga tankin ba. Alamar ita ce inji yana aiki, bututu ba ya zubar da ruwa, jikin famfo yana ɗaukar zafi. Shi ya sa famfon sola irin wannan kan juya da sassafe amma ba ya kai ruwa sama sai rana ta ɗaga.

Rage faɗin farfela ma yana bin ma'aunan nan uku, amma a bisa ƙiyasi. Idan yankan ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ratar da ke tsakanin farfela da gidanta takan yi yawa, famfon ya gaza abin da lissafi ya nuna. Tun da abin da aka yanke ba ya komawa, akan rage kaɗan, a gwada, kafin a ƙara.