Ƙusa nawa kwano ɗaya ke ci? Lissafin rufi a Tanda

A Tanda da sauran garuruwan gundumar Gaya, yankin da ya fi yawancin Nijar samun ruwan sama, iskar gabas ta farkon damina ce ke gwada aikin kafinta. Rufin da ya tashi, sau da yawa ba kwanon ne da laifi ba, ƙusa ce ta yi kaɗan a bakinsa. Mai gida kuma yakan sayi ƙusa da ka, ya ce a auno kilo kaza, alhali abu ne mai lissafi.

Ba a fara lissafin daga kwano, daga katakon da ke kwance a ƙarƙashinsa ake farawa, domin ƙusa ba ta da wurin kamawa sai inda kwano ya hau katako. A ɗauki kwano mai tsawon mita 2, wanda in an ɗora gefensa kan na kusa da shi yake rufe santimita 76, wato tudu goma. Gidan kuma mai rufi biyu ne, tsawonsa mita 7,6, gangaren kowane gefe mita 3,8. Kwano biyu ke rufe gangaren, na sama ya hau na ƙasa da santimita 20. Jeri goma ke nan a kowane gefe, jeri 20 duka, kwano 40.

In an jera katako da tazarar santimita 90, guda biyar za su shiga kowane gefe: na bakin rufi, na tsakiyar kwanon ƙasa, na mahaɗa, na tsakiyar kwanon sama, sai na ƙoli. A baki da mahaɗa da ƙoli ana buga ƙusa a tudu ɗaya a tsallake ɗaya, biyar ke nan a faɗin kwano. A katakon tsakiya uku sun isa. Jeri ɗaya zai ci 5 da 3 da 5 da 3 da 5, wato 21, jeri 20 kuma 420. Wanda ya lissafa kowane kwano shi kaɗai zai samu 13, amma ya ƙirga mahaɗa sau biyu, tunda ƙusa ɗaya ce ke huda kwanon sama da na ƙasa. Gaskiyar lissafi goma zuwa sha ɗaya ce ga kowane kwano.

Da an matse tazarar zuwa santimita 60, kamar yadda kwano maras kauri ke buƙata, katako ya zama bakwai, jeri ɗaya ya ci 27, gidan duka 540. Kwano mai araha yana karɓar kuɗinsa ta wajen katako da ƙusa.

Sai kwanon ƙoli, wanda ke rufe inda gefen biyu suka haɗu. In tsawonsa mita 2 ne, kuma kowane ya hau ɗan'uwansa da santimita 20, guda huɗu za su tsaya a mita 7,4. Saura santimita 20, don haka biyar za a saya. Ƙusarsa ita ce waccan biyar-biyar ta katakon ƙoli da aka riga aka ƙirga, domin ta huda shi, ta huda kwano, ta shiga katako. Amma kafinta yakan fara riƙe kowane kwanon sama da ƙusa biyu kafin ya ɗora shi, a ƙara 40. Da goma na gefen ƙarshe, an kai 470. A sa kashi goma cikin ɗari saboda masu lanƙwashewa da masu faɗuwa, a nemi kamar 520. Tunda da kilo ake sayarwa, a auna kwata, a ƙirga, a ninka sau huɗu.

Akwai tarko ga mai saye a kan iyaka. Kwanon da ke shigowa ta Kamba galibi ƙafa shida ne, kamar mita 1,8, ya gaza mai mita 2 da ake samu a Gaya ko Malanville. Biyu daga cikinsa mita 3,4 kawai suke rufewa, kuma in an riga an kafa katako don mai mita 2, mahaɗar za ta faɗa a sarari, babu abin da ƙusa za ta kama. A auna kwano tukuna, sannan a jera katako.

Ƙusa mai hula da roba a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma ta shiga katako aƙalla santimita huɗu. In ƙarfe aka jera maimakon katako, yawan bai canza ba, sai dai a sa sukuru mai huda ƙarfe ko ƙugiya. Wanda aka ɗaure fiye da kima ana gane shi: tudun ya lotsa, robar ta fito gefe ta tsage. Wanda kuma ya kuskure katako, da rana ana hango tsininsa daga cikin ɗaki, kuma nan ne ɗigo zai fara.