Kashi 5 Cikin 100: Yadda Ake Auna Tsamin Ruwan Kal

A jikin yawancin kwalaben ruwan kal da ake sayarwa a kanti akwai rubutun 5%, wani lokaci 4% ko 6%. Ma'anar kashi 5 ita ce a cikin kowane giram 100 na ruwan akwai giram 5 na asid ɗin asetik, wato sinadarin da ke ba shi tsami da wannan wari mai hawa hanci. Sauran kusan duk ruwa ne. Harshe ba zai iya bambance kashi 4 da kashi 5 ba, don haka sai an shiga ɗakin gwaji, kuma aikin da ake yi can shi ne taitireshan, wanda ɗaliban kimiyya da yawa da suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO suka taɓa yi da hannunsu.

Dabarar ita ce a kashe tsamin da wani sinadari wanda aka san ƙarfinsa, a kuma lura da yawan abin da aka kashe. Sinadarin shi ne NaOH, kostik sodar da masu haɗa sabulu suka sani, sai dai tatacciya ce, an narkar da ita a ruwa bisa ma'auni. Idan suka haɗu da asid ɗin, ƙwaya ɗaya tana kashe ƙwaya ɗaya:

CH₃COOH + NaOH → CH₃COONa + H₂O

Wannan ɗaya-da-ɗayan shi ne ginshiƙin lissafin. In ka san adadin ƙwayoyin soda da ka zuba kafin tsami ya ƙare, ka san adadin ƙwayoyin asid da ke ciki tun farko.

A ce an ɗora kwalbar gwaji a kan sikeli, an zuba mata giram 3.00 na farin ruwan kal. Sai a ƙara tataccen ruwa kamar mililita 50 domin a samu abin kaɗawa. Sababbin ɗalibai kan tsorata a nan, su ce an tsinka shi. An tsinka ɗin, amma yawan asid ɗin da ke cikin kwalbar yana nan yadda yake, kuma shi ake ƙirgawa. Daga nan a ɗiga ɗigo biyu ko uku na fenolftalin, wanda ba shi da launi a cikin tsami amma yakan koma ruwan hoda da zarar soda ta yi rinjaye. Ita kuwa sodar, mai ƙarfin mol 0.100 a kowace lita, tana cikin biret, doguwar gorar gilashi mai zanen ma'auni da ɗan famfo a ƙasa.

Da farko a saki famfo, hannu ɗaya na kaɗa kwalba. Inda soda ta sauka sai launin hoda ya ɓulla ya ɓace nan take. Can gaba sai a ga ya fara jinkirin ɓacewa, to lokacin ne ake komawa ɗigo-ɗigo, a sa farar takarda a ƙarƙashi don ido ya gani sosai. Ana tsayawa a ɗigon da ya bar hoda mai haske-haske, wadda ta zauna kamar daƙiƙa 30. Wanda ya jira har ruwan ya yi ja kamar zoɓo, ya zarce wurin tsayawa.

A ce biret ya nuna an kashe mililita 25.0. Lita 0.0250 ke nan, a ninka da 0.100, a samu mol 0.00250 na soda. Mol kuwa ma'aunin ƙirga ƙwayoyin sinadari ne. Tunda ɗaya ke kashe ɗaya, asid ɗin ma mol 0.00250 ne. Kowane mol na asetik yana da nauyin giram 60.05, saboda haka akwai giram 0.150 a kwalbar. A raba 0.150 da giram 3.00 da aka auna tun farko, a ninka da 100, sai ga kashi 5.0. Mai aikin kirki yakan maimaita sau uku, kuma ba ya yarda da sakamakon sai awon ya zo kusa da juna.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki ba ɗigon da ya zarce ba ne, domin ɗigo guda kusan mililita 0.05 ne kawai. Babbar matsalar ita ce sodar kanta. Tana shan danshi, tana kuma shan iskar CO₂, don haka ƙarfinta kan ragu in ta daɗe a ajiye. A ce takardar kwalba ta ce 0.100 alhali ta sauka zuwa 0.095. Za a kashe mililita 26.3 maimakon 25.0, lissafi ya ba da kashi 5.3, kuma ko sau goma aka maimaita haka zai riƙa fitowa, har mutum ya ɗauka ya ƙware. Shi ya sa ake fara gwada sodar da wani tsayayyen garin asid da ake kira KHP kafin a taɓa ruwan kal. Kumfar iska da ta maƙale a bakin biret ita ma tana ƙara awo. Haka nan wanda ya ɗauko metil oranj don ya saba da shi a makaranta zai samu sakamako ƙasa ƙwarai, domin shi yana sauya launi ne tsakanin pH 3.1 da 4.4, alhali asetik ba ya gama mutuwa sai wajen 8.7.

To me ya hana a tsoma na'urar pH kawai a huta? Asetik asid ne mai rauni. A ruwan kal mai kashi 5, kusan ƙwaya ɗaya ce cikin 200 take sakin tsaminta a lokaci guda, kuma waɗannan kaɗai na'urar take gani. In ka tsinka ruwan kal da ruwa rabi da rabi, pH ɗin zai ɗan motsa ne kawai. Taitireshan kuwa yana bin ƙwayoyin har ta ƙarshe, nan take zai nuna kashi 2.5.

Saura batun dalilin rubuta kashi na nauyi. Masanin sinadarai zai iya cewa mol 0.83 a lita, kuma ya faɗi gaskiya, amma mai dafa abinci da mai masana'anta da jami'in duba kaya duk da sikeli da kashi suke aiki. Sannan ruwa yana ɗan kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi, nauyi kuwa ba ruwansa da yanayi: giram 100 a zafin bazara shi ne giram 100 a hunturu. Wasu dokokin da giram a cikin mililita 100 suke magana, kamar Amurka inda hukumar FDA ta sa giram 4 a matsayin mafi ƙanƙanta. Da yake mililita ɗaya ta ruwan kal kusan giram 1.01 ce, bambancin hanyoyin biyu ɗan kaɗan ne, amma rahoton kirki yakan faɗi wadda ya bi.

Akwai kuma wani abu da lambar ke ɓoyewa. Soda ba ta tambayar sunan asid, duk wanda ta tarar kashe shi take yi. Ruwan kal na tuffa yana iya ɗaukar ɗan asid ɗin malik, na inabi kuma tataric. Duka ana haɗa su a ninka da 60.05 tamkar asetik ne, saboda shi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma ta haka ne za a iya gwama kwalba da kwalba. Illar wannan ita ce in wani maha'inci ya tsinka kayansa ya cike gurbin da asid mai ƙarfi irin na batir, biret zai iya nuna kashi 5 cif. A nan ne na'urar pH ke da ranarta: ruwan kal na gaskiya mai kashi 5 yana wajen 2.4 zuwa sama, wanda aka yi wa wannan algus kuwa zai faɗo ƙasa da 2.