Gaisuwar da Ba a Amsa Ba: Yadda Tunani Ke Juya Zuciya da Aiki

Duk mai koyon aikin ba da shawara ga masu damuwa yakan fara da halin da ya taso da shi a gida. Mutum ya zo da kuka, sai a ce masa ya yi haƙuri, ya rage tunani. Maganar ba laifi ba ce, amma wanda damuwa ta kama ya riga ya ji ta daga uwa da maƙwabta, kuma da tunani na tsayawa don an ce ya tsaya, da bai zo wurinka ba. Akwai hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke taƙaita sunanta da CBT, wadda ta ɗauki wani salo dabam: maimakon a kori tunanin, a kamo shi a duba.

Aaron Beck, likita a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, shi ya gina wannan hanya a shekarun 1960. Ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna da wasu gajerun tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun kira su ba, su wuce da sauri, su bar ɓacin rai a baya. Kafin shi, Albert Ellis ya kawo makamancin wannan a tsakiyar shekarun 1950. Abin da suka haɗu a kai shi ne, tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji a ransa akwai fassarar da ya yi wa abin, kuma sau da yawa fassarar ce ke yanke hukunci.

Mu ƙaddara wata tela ce ta zo wurinka, mai ɗinkin kayan mata a cikin gida. Ta ce wata biyu ke nan ba ta barci sosai, ta daina karɓar ɗinki, komai ya fita daga ranta. Idan ka tsaya a kan wannan “komai”, babu inda za ka kama. Ka nemi lokaci guda ɗaya tak: yaushe ne na ƙarshe da ta ji abin ya taso mata? Sai ta ce ranar Asabar a gidan biki, ta gai da wata Hajiya da ta yi wa ɗinki, Hajiyar ta wuce ba ta amsa ba.

Nan za ka raba takarda gida biyar. A gida na farko ka rubuta abin da ya faru kamar yadda duk wanda ke tsaye a wurin zai shaida: ta yi gaisuwa, ba a amsa ba. Idan ka rubuta “Hajiya ta wulaƙanta ta”, ka riga ka zuba fassara cikin labari. Gida na biyu na tunani ne, kuma tambayar da ke fito da shi ita ce, “Malama, a daidai wannan lokacin me ya faɗo miki a rai?” Ta ce, “Ɗinkin bai yi mata ba, ta gaya wa kowa ban iya ba.” Ka rubuta da kalmominta, kada ka gyara, sannan ka tambaye ta nawa ta yarda da shi cikin ɗari. Ta ce 90. Na uku abin da zuciya ta ji: kunya 80, fargaba 70. Na huɗu jiki: gabanta ya faɗi, tafin hannu ya yi zufa, kai ya sara. Na biyar abin da ta aikata: ta bar bikin kafin a ci abinci, ta kashe waya, washegari ta mayar wa mata biyu yadinsu.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin gida na biyu da na uku. Idan ta ce “ji nake kowa ya raina ni”, wannan tunani ne, domin magana ce da za a iya bincika gaskiyarta. Abin da zuciya ta ji kuwa yawanci kalma ɗaya ce, kamar tsoro, kunya, fushi ko baƙin ciki, kuma ba a gardama da shi. Wanda ya cakuɗa su zai tsinci kansa yana gaya wa mace cewa bai kamata ta ji kunya ba, alhali ta riga ta ji.

A ganina gida na biyar ya fi cancantar a daɗe a kansa, don shi ke hana ciwon warkewa. Da ta kashe waya ta sami sauƙi a daren nan, kuma wannan sauƙin ne tarkon. Ba ta ba Hajiya damar kira ba, don haka ba ta ji dalilin shirun ba. Masu kawo ɗinki suka nemi wata tela, keken ya zauna shiru, ita kuma ta dubi shirun ta ce, “Ga shi nan, ai na faɗa.” Aikin da tunanin ya haifar ya dawo ya zama masa shaida. Ka zana mata wannan da kibiyoyi a kan takardar, ka tambaye ta ko haka abin yake. Idan ta ce a'a, zanen ne zai canza.

Bayan haka sai bincike, kuma da tambaya ake yin sa. Wace shaida ke goyon bayan tunanin? Ta ce Hajiya ba ta amsa ba, kuma rigar ta yi jinkirin kwana uku. Ka karɓi wannan da gaske. Wace shaida ke musa shi? Sai ta tuna cewa Hajiya ta biya kuɗin cif, shekara huɗu tana kawo mata ɗinki, kuma a ranar kiɗa ya cika gidan, ga shi ita ce uwar amarya. Da ƙawarta ce abin ya faru da ita, me za ta ce mata? Daga amsoshinta za ta haɗa sabon tunani da bakinta: “Mai yiwuwa ba ta ji ni ba, ko da ma ta ji haushin jinkirin, wannan bai nuna ban iya ɗinki ba.” Ka sake aunawa. Idan yarda da tsohon tunanin ta sauko daga 90 zuwa 50, aiki ya yi. Idan bai motsa ba, ko dai kai ka ɗora mata sabon tunanin, ko kuwa akwai wanda ya fi shi zafi a ƙasa. Ka tambaya, “In ma haka ne, me hakan ke nufi game da ke?” Wataƙila ta ce, “Ni ban taɓa iya komai ba.” Irin wannan tsohon imani ne da mutum ya daɗe da shi game da kansa, ba ya kauwa a zama ɗaya.

Magana kaɗai ba ta cika gamsar da zuciya ba, sai an gwada. Ku shirya ƙaramin gwaji tare: ta kira Hajiya ta yi mata barka da taro. Kafin ta kira ta rubuta abin da take zaton zai faru, wato za a katse mata waya, sannan ta rubuta abin da ya faru a zahiri, ta kawo a zama na gaba. Kada ka yi mata alkawarin sakamako. Yana iya yiwuwa Hajiyar ta yi fushi da gaske. In haka ne, aikinku ya koma yadda za ta ba da haƙuri kan jinkirin, ta kuma tsara karɓar ɗinki daidai ƙarfinta.

Wannan ya kawo iyakar hanyar. Ba kowane tunani mai ciwo ne kuskure ba. Matar da ke tsoron mijin da ke dukanta daidai take karanta halin da take ciki, kariya take buƙata. Faɗuwar gaba da kasala kuma na iya fitowa daga ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, don haka wanda jikinsa ya fi yin kuka a tura shi a auna shi. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, a sada shi da likitan ƙwaƙwalwa. Idan kuwa mutum ya ambaci mutuwa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa masa niyyar. In ya ce e, ka ajiye takardar, kada a bar shi shi kaɗai, ka sanar da wanda ke kula da horonka, a kai shi asibiti a ranar.