Fif, lot da lebarej: Yadda ake lissafa riba ko asara a cinikin kuɗaɗen ƙasashe

A cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, farashi kan motsa kaɗan ƙwarai, amma ɗan motsin nan na iya cinye jarin mutum kafin wuni ya ƙare. Dalilin hakan na cikin kalmomi uku da masu wannan harka ke amfani da su kullum, wato fif da lot da lebarej. Wanda ya san yadda suke aiki tare zai iya sanin abin da zai rasa tun kafin ya shiga ciniki.

Fif, wanda manhajojin ciniki ke rubutawa `pip`, shi ne ma'aunin motsin farashi. Ana cinikin kuɗaɗe ne biyu-biyu, kamar EUR/USD, wanda ke nuna yawan dalar da za ta sayi yuro ɗaya. A mafi yawan irin waɗannan tagwayen, fif ɗaya shi ne 0.0001, wato lamba ta huɗu bayan ɗigo. Idan farashi ya tashi daga 1.0850 zuwa 1.0875, ya hau da fif 25 ke nan. Inda aka haɗa da yen na Japan kuwa, fif ɗaya shi ne 0.01.

Dillalai da dama na ƙara lamba ta biyar a allo, kuma ita kan rikita sababbin shiga. Wannan lamba kashi ɗaya ce cikin goma na fif. Don haka tashin farashi daga 1.08500 zuwa 1.08537 fif 3.7 ne, ba 37 ba.

Fif shi kaɗai ba ya nuna yawan kuɗi, sai an san girman cinikin, kuma da lot ake auna wannan. Cikakken lot ɗaya, wanda ake shigarwa a matsayin 1.00, daidai yake da 100,000 na kuɗin da ke farko a tagwayen. Lot 0.10 na nufin 10,000, sannan 0.01 na nufin 1,000. Idan aka ninka wannan adadi da girman fif, sai a samu darajar fif ɗaya. A EUR/USD, 100,000 sau 0.0001 ya ba da dala 10. Ke nan fif ɗaya dala 10 ne a lot 1.00, dala 1 a lot 0.10, da santi 10 a lot 0.01.

Amsar kan fito ne a kuɗin da ke na biyu a tagwayen. A USD/JPY, cikakken lot na ba da yen 1,000 kan kowane fif. Idan dala tana kan yen 150, sai a raba 1,000 da 150, a samu kimanin dala 6.67. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa dala 10 ce a kowane irin ciniki.

Daga nan lissafin ya yi sauƙi:

```
riba ko asara = yawan fif × darajar fif ɗaya
```

Lebarej kuwa dama ce da dillali ke bai wa mai ciniki ya riƙe cinikin da ya fi jarinsa girma. Lebarej 1:100 na nufin dillali zai riƙe kashi ɗaya cikin 100 na darajar cinikin a matsayin jingina, wadda allo ke nunawa da sunan `Margin`. Abin lura a nan shi ne lebarej ba ya sauya darajar fif ko kaɗan. Abin da yake ragewa shi ne jinginar, wanda hakan ke buɗe ƙofar ɗaukar babban lot da ƙaramin jari.

A ɗauka wani mai ciniki yana da dala 500 a asusunsa, ya sayi EUR/USD a kan 1.0850 da lot 0.10. Ya sayi yuro 10,000 ke nan, waɗanda darajarsu ta kai dala 10,850. A lebarej 1:100, jinginarsa dala 108.50 ce. Sai farashi ya faɗi zuwa 1.0810, wato fif 40. Tunda kowane fif dala 1 ne, asararsa dala 40 ce, kashi 8 cikin 100 na jarinsa. Da farashin hawa ya yi zuwa 1.0890, da ribarsa ita ma dala 40 ce.

Idan aka ɗaga masa lebarej zuwa 1:500 amma bai sauya lot ba, jinginar za ta sauko zuwa dala 21.70, asarar kuma tana nan a dala 40. Haɗarin yana farawa ne lokacin da ya lura cewa yanzu zai iya buɗe lot 1.00 da jinginar dala 217 kacal, abin da a 1:100 zai buƙaci dala 1,085 da ba ya da ita. Yanzu kowane fif dala 10 ne, kuma faɗuwar fif 40 ɗin nan ta zama asarar dala 400, kashi 80 cikin 100 na jarinsa.

Sau da yawa ma ba a barin cinikin ya kai nan. Dillalai na rufe ciniki da kansu idan abin da ya rage a asusu ya faɗi ƙasa da wani kaso na jinginar. A wurin dillalin da ya sa wannan iyaka a kashi 50 cikin 100, za a rufe cinikin da zarar asusun ya sauko zuwa dala 108.50, wato bayan kimanin fif 39. Ko da farashi ya farfaɗo daga baya, mai cinikin ya riga ya fita da asararsa.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Idan allo ya nuna 1.0848 da 1.0850, wanda ya saya ya fara ne da giɓin fif 2, wanda a lot 1.00 dala 20 ce tun farashi bai motsa ba.

Wannan haɗari ne ya sa hukumomi suka taƙaita lebarej ga ƙananan masu ciniki. Amurka ta tsayar da shi a 1:50 kan manyan kuɗaɗe tun 2010. Hukumar kula da kasuwannin hannayen jari ta Tarayyar Turai ta tsayar da nata a 1:30 a 2018, inda ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi.

Masu kiyaye jarinsu kan fara lissafi ne daga asara. Mai dala 500 da ya yanke cewa ba zai rasa fiye da kashi 2 cikin 100 ba, dala 10 ce iyakarsa. Idan zai sa umarnin `Stop Loss` a nisan fif 40, sai ya raba 10 da 40, ya samu santi 25 kan kowane fif. Wannan ya yi daidai da lot 0.025, don haka zai zaɓi 0.02, asararsa ta tsaya a dala 8.

Sai dai shi ma wannan umarni yana da iyaka. A ranar 15 ga Janairun 2015, babban bankin Switzerland ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da kuɗin ƙasar, farashi ya tsallake dubban fif cikin mintuna. An rufe cinikin mutane da yawa nesa da inda suka sa umarninsu, wasu ma suka wayi gari dillalai na bin su bashi. A irin wannan rana, ƙanƙantar lot ce kaɗai ke rage girman asarar.